Shafin mai shayi: yadda bashi ke cinye kanti a Amarawa

Wanda ya san Amarawa, garin nan na ƙaramar hukumar Illela da ke dab da iyakar da ta haɗa mu da Birnin Ƙonni, ya san kanti ba ya tsayawa a can sai da bashi. Mai shayi yana ɗaukar suga da madara ya ce sai ya yi ciniki. Mai tuwo tana aiko yaro a ba ta mai da gishiri, ma'aikaci yana jiran ƙarshen wata, makiyayi kuma sai ranar Lahadi idan ya sayar da dabba a kasuwar Illela. Mai kantin da ya ce ba ya bayar da bashi zai wuni yana korar ƙuda, maƙwabcinsa na ɗaure kaya. Saboda haka ba ni da niyyar shiga muhawarar ko a bayar ko kar a bayar, wannan kasuwa ta riga ta yanke hukunci. Abin da ya dame ni shi ne rubutun, musamman rubutun abin da aka rage, domin a nan ne na ga jarin mutanen kirki yana zurarewa alhali littafinsu cike yake da lambobi.

Yawancin littattafan bashin da nake gani a kantunan wannan yanki tsarinsu ɗaya. Kwanan wata a sama, sunaye a jere kamar yadda mutane suka zo, kowane suna da adadinsa. Idan mutum ya biya duka, a ja layi a kan sunansa, magana ta ƙare. Matsala tana farawa ranar da ya kawo rabi. Wani mai kantin ya soke tsohuwar lamba ya rubuta sabuwa a samanta, wani ya rubuta abin da aka kawo a gefen shafin ranar, wani kuma ya ce ai ya riƙe a ka. Bayan wata biyu sunan mutum ɗaya yana warwatse a shafi goma sha biyar, kuma duk wanda ya so sanin nawa ake binsa sai ya yi aikin mai binciken tarihi. Irin wannan littafi yana iya gaya maka abin da ya faru ranar Talata, amma ba ya iya amsa tambayar da ta fi komai muhimmanci, wato nawa ne a hannun wane yau, kuma tun yaushe.

Gyaran ba sabo ba ne. Littafin lissafin da Luca Pacioli ya wallafa a Venice a 1494 ya riga ya raba tsakanin rubutun yau da kullum, inda ake zuba abu yadda ya zo, da babban littafin da kowane abokin hulɗa ke da gurbinsa. Mai kanti a Amarawa ba ya buƙatar duk tsarin Pacioli. Abin da yake buƙata shi ne wannan rabuwar kawai: littafin yini ya tsaya yadda yake, sannan a sami littafi na biyu mai bango mai kauri wanda kowane mai karɓar bashi ke da shafinsa shi kaɗai. A shafin a ja gida biyar: rana, bayani, abin da ya ɗauka, abin da ya kawo, saura. Duk motsi layinsa daban, ko da a rana ɗaya aka kawo kuɗi aka kuma ɗauki kaya. Ba a goge lamba, ba a rubuta wata a kanta. In an yi kuskure a ja siririn layin da zai bar tsohuwar tana karantuwa, a sake rubutawa a ƙasa.

Bari mu buɗe shafi ɗaya mu bi shi. Alkaluman na misali ne, na zaɓe su don sauƙin lissafi. Mu ƙaddara mai shayi ne da ke da tebur a bakin titi, mutum mai fara'a wanda bai taɓa tsallake Lahadi bai leƙo kanti da wani abu a hannu ba. Ranar 1 ga wata ya ɗauki kayan naira 60,000. Ranar 7 ya kawo 20,000, saura 40,000, kafin ya fita ya ɗauki na 35,000, saura ya koma 75,000. Ranar 14 ya kawo 25,000 ya ɗauki na 40,000, saura 90,000. Ranar 21 ya kawo abin da ya kai 25,000, ya ɗauki na 30,000, saura 95,000. Ranar 28 ya kawo 30,000, mafi yawan abin da ya taɓa kawowa, ya ɗauki na 45,000. Saura 110,000.

Tambayi mai kantin game da wannan mutum, zai ce maka yana cikin mafiya kyawun abokan cinikinsa, kuma ba ƙarya ya yi ba. Sau huɗu ya zo, sau huɗu ya kawo kuɗi. Abin da ido ke gani ke nan, kuma shi ne abin da ke sa biyan kaɗan-kaɗan ya fi ƙin biya haɗari: wanda ya ɓace gaba ɗaya ana lura da shi cikin mako biyu, amma wanda ke ragewa kullum yana sayen sabon bashi da kowace ragewa. A cikin watan ya ɗauki kayan 210,000, ya kawo 100,000. In muka ce ribar mai kanti naira goma ce a cikin kowace ɗari da ya sayar, kayan nan ya saro su a kan 189,000. Ke nan ba a ma zo maganar riba ba tukuna; naira 89,000 na uwar kuɗinsa suna kan teburin mai shayi, ranar da shi kuma dilan da ke ba shi kaya daga Sakkwato ke jiran nasa.

Jimillar saura kaɗai ba ta isa ba, kuma nan ne nake ganin har masu tsaftataccen littafi suke tsayawa da wuri. Dole a yanke tun farko wane bashi kowace ragewa take biya, kuma ƙa'idar da ta fi dacewa ita ce tsohon bashi shi ake fara kashewa. Mu gwada ta a shafin nan. Kuɗin ranar 7 da na ranar 14 sun haɗu 45,000, duka sun tafi kan kayan ranar 1, saura 15,000. Na ranar 21 ya kashe wannan, ya zuba 10,000 a kan kayan ranar 7. Na ranar 28 ya kashe 25,000 da suka rage na ranar 7, ya taɓa kayan ranar 14 da 5,000 kawai. Yanzu 110,000 ɗin nan ta rabu uku: 35,000 na ranar 14, da 30,000 na ranar 21, da 45,000 na ranar 28. Kayan farko sun yi kwana 20 kafin a gama biyansu, na biyu kwana 21. Na uku kuwa, idan ya ci gaba da kawo abin da ya saba, Lahadi mai zuwa ba za ta kashe su ba, sai ta bayanta, kwana 28 ke nan. Tazarar tana buɗewa. Suga da madara kuwa kaya ne da mai shayi ke juyawa cikin kwanaki kaɗan. Idan kayan da suka ƙare tun makon jiya ba a biya su ba sai bayan wata, kuɗinsu ya shiga wata hidima, ko ta gida ko ta wani mai bin bashin da ya fi matsa masa.

Akwai gwaji mai sauƙi da ko ɗan firamare zai iya yi a ƙarshen kowane wata. A raba sauran bashin da matsakaicin abin da mutum ke kawowa a mako. A nan 110,000 ne a kan 25,000, wato mako huɗu da ɗoriya ko da bai sake ɗaukar ƙwayar ashana ba. In aka yi alkawarin mako biyu aka ga lissafi ya ba da huɗu, lokacin magana ya yi. Maganar kuma ba ta rufe masa shafi ba ce, domin idan aka yanke masa kaya teburinsa zai mutu, bashin ya mutu tare da shi. Abin da ke aiki shi ne a sa masa iyaka a rubuce a saman shafin, a ce 70,000, sannan a yi yarjejeniya cewa har sai an sauko can, abin da zai ɗauka ba zai kai abin da ya kawo ba. Ya kawo 30,000, ya ɗauki na 20,000. Ta haka cikin mako huɗu an sauko iyakar ba tare da an yi baram-baram ba. Rubuta iyakar a sama yana da wata fa'ida da masu kanti suka fi ni sani: yaron kanti yana iya nuna rubutu ya ce maigida ne ya sa, alhali ba zai iya kallon sa'an mahaifinsa ya ce masa a'a da bakinsa ba.

Mai karatu zai lura na ce ranar 21 ya kawo abin da ya kai 25,000. Da gangan na faɗe shi haka, domin a ranar ba naira ya kawo ba. Direbobin Ƙonni ne suka sha shayi suka biya shi da sefa, ya kawo jaka goma. Wannan shi ne abin da ya bambanta littafin kantin bakin iyaka da na kantin Zariya ko Funtuwa, kuma ramukansa suna da yawa. Na farko shi ne ƙidaya. A Hausar Nijar dala ɗaya faran biyar ce, jaka kuwa faran dubu. Jaka goma faran 10,000 ne, amma mutumin Ƙonni yana iya kiranta dala dubu biyu, kuma bai yi kuskure ba. Yaron da aka bari a kanti yana iya rubuta 10, ko 2,000, ko 10,000, babu alamar wane kuɗi ne. In aka karanta 10,000 a matsayin naira, an zalunci mai shayi 15,000. In 2,000 aka karanta, zaluncin ya fi haka. Layin da ya cika yana ɗauke da abu uku: sefa 10,000, canjin ranar naira 2,500 kowace jaka, daidai da naira 25,000. Adadin naira ne kaɗai ke shiga gidan abin da aka kawo, sauran biyun su zauna a gidan bayani.

Rami na biyu ya fi zurfi. Da wane kuɗi ake bin bashin? Kafin Yunin 2023 dalar Amurka a farashin gwamnati tana wajen naira 460. Bayan an saki naira ta nemi farashinta, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Sefa kuwa a ɗaure take da kuɗin Turai a kan faran 655.957 kowace yuro, don haka duk lokacin da naira ta faɗi a gaban yuro ta faɗi a gaban sefa. Ɗauki abokin ciniki daga tsallake da ya ci bashin naira 100,000 lokacin da jaka take 1,250. A ranar, jaka 80 ake binsa. In ya yi jinkiri har jaka ta kai 2,500, jaka 40 ta wanke shi tas. Mai kanti zai ji an cuce shi, ya ce ai jaka tamanin muka yi. Wancan ya ce naira ka rubuta. Kowannensu yana da rabin gaskiya, kuma alƙali ba zai sami abin kamawa ba sai abin da shafin ya ce. Don haka a saman kowane shafi, kusa da suna, a rubuta kuɗin da aka ƙulla ciniki da shi, kuma kar a canza shi a tsakiyar tafiya. Wanda ke saro kaya da sefa yana sayar wa mutanen tsallake yana da hujjar buɗe musu shafi da sefa tun ranar farko.

Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan mas'ala. Hadisin Abdullahi ɗan Umar da ke cikin littattafan Sunan, kan raƙuman da yake sayarwa da dinari ya karɓi dirhami, shi ne madogarar da ake kawowa cewa ana iya biyan bashi da wani kuɗi daban in dai da canjin ranar biya ne kuma an kammala a wurin. Ma'anarsa a aikace ita ce kar a karɓi jaka goma a jefa a aljihun tebur a ce sai an tambayi 'yan canji gobe. A tsayar da canjin mai kawowa yana tsaye, a faɗa masa sauran da ya rage, ya ji da kunnensa. Haka kuma tsadar da ta biyo baya ba ta halatta a ƙara wa tsohon bashi ko kwabo. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari a ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda ke nufin bashin da ya shekara a waje, ko an biya shi cif, ba zai sake saro kayan da aka bayar ba. Tunda ƙari kuɗin ruwa ne, makamin da ya rage wa mai kanti shi ne gajarta wa'adi, kuma ba ya iya gajarta abin da bai san shekarunsa ba. Ina yawan mamakin yadda muke haddace aya ta 282 ta Suratul Baƙara, mafi tsawo a Alƙur'ani, wadda ta yi umarni da rubuta bashi zuwa ajali sananne, sannan mu rubuta adadi mu bar ajalin.

Sai kuma hanyar da kuɗin ke bi kafin ya iso. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 taransifa ta shiga har ƙananan kantuna, ta zo da nata ruɗanin. Mai shayi ba lallai yana da asusu ba. Zai je wurin mai na'urar cire kuɗi ya tura, ko ƙanensa ya tura masa, sai alat ya shigo da sunan da babu shi a littafi. Bayan mako uku babu mai tuna na wane ne, wani lokaci ma a zuba shi a shafin wani mai irin sunan. Kar a rubuta taransifa sai an ga kuɗin a asusu, domin hoton da aka nuna a waya ba kuɗi ba ne, kuma a rubuta sunan da ya fito a alat ɗin a gidan bayani. Kuɗin da aka aiko ta hannun ɗan kabu-kabu ko direba shi ma a rubuta wanda ya kawo da wanda ya karɓa. A kantin da maigida da ɗansa da yaro duk ke karɓar kuɗi, yawancin rigimar «na ba yaronka» tana mutuwa ne da harafi ɗaya na sunan mai karɓa a ƙarshen layi.

Littafin da ke hannun mutum ɗaya kuwa rabin shaida ne. Ƙaramin littafi na aljihu, ko ma kati, a hannun mai karɓar bashi, wanda ake cikawa a lokaci ɗaya da babban shafi, yana kashe musu tun kafin ya taso. Wanda bai iya boko ba sau da yawa ya iya ajami, wanda bai iya ko ɗaya ba yana da ɗa a makaranta. Na san akwai masu cewa wannan rashin yarda ne, tsakanin mutanen da suka haɗa kakanni da masallaci. Ni a ganina zumuncin da ya fi saurin lalacewa shi ne wanda aka ɗora wa nauyin tuna lambobi. Kuma akwai ranar da babu mai tunawar: idan mai kanti ya rasu, magada ba su da abin da za su nuna sai shafin nan, idan kuma mai cin bashin ne ya riga shi, bashinsa ake fara fitarwa kafin a raba gado, iyalinsa kuwa suna da haƙƙin ganin yadda aka kai ga adadin.

Yaya mai kanti zai san littafin kansa bai yi ƙarya ba? Kowane daren Lahadi, bayan an tashi kasuwa, ya yi lissafi ɗaya. Jimillar bashin makon jiya, a haɗa da sabon bashin da littafin yini ya nuna, a cire abin da aka karɓa. A ce makon jiya 640,000 ne, an bayar da sabo na 210,000, an karɓi 185,000. Ya kamata a sami 665,000. Sai ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya ya tara sauran kowa. In ya sami 650,000, akwai kayan 15,000 da suka fita ba a kai su shafin kowa ba, ko ragewar da aka rubuta sau biyu. In ya sami fiye, akwai wanda ya kawo kuɗi ba a rage masa ba. Kuskuren mako ɗaya ana gano shi cikin rabin sa'a, tun mutane suna tuna abin da ya faru. Na wata uku sai dai a yi rantsuwa.

A wannan zaman na Lahadi ne kuma ya kamata a dubi wani abu da ya keɓanta da gari irin Amarawa, wato kaso nawa na bashin ke tsallaken iyaka ko ke rataye da zirga-zirgarta. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai Disambar 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024. A irin wannan lokaci ba mutumin Ƙonni kaɗai ke kasa zuwa ba. Mai shayinmu ɗan gari ne, amma direbobin da ke shan shayinsa sun daina tsayawa. Haka mai tuwo, haka ɗan dako. Masu bashi ashirin da ake gani kamar mutane ashirin daban-daban sai su tsaya cak a mako ɗaya saboda dalili ɗaya. Alama ƙarama da jan biro a kan shafin duk wanda abincinsa ke bin iyaka za ta nuna wa mai kanti ko rabin abin da yake bi yana rataye da ƙofa ɗaya, wadda ba shi ke riƙe da makullinta ba.

Daga ƙarshe akwai shafukan da ba za su taɓa rufuwa da biya ba. Wanda ya yi wata uku babu motsi a cire shi daga jimillar da ake dogaro da ita, a mayar da shi bayan littafi, don kar mai kanti ya riƙa ƙirga shi cikin jarinsa yana yaudarar kansa. Wannan rarrabewa tana da amfani har wajen zakka, domin a mazhabar Malikiyya ɗan kasuwa mai juya kaya yana haɗa bashin da yake sa ran samu cikin abin da zai fitar wa zakka, wanda ya fid da rai da shi kuwa ba ya shiga. In kuma ya ga mai shi yana cikin ƙunci na gaskiya ya yanke shawarar yafewa, ya rubuta a layin ƙarshe cewa an yafe, da adadin da kwanan wata, ya sanar da mutumin, ya rubuta haka a katinsa. In ba haka ba, bayan shekara biyar wani magaji zai buɗe littafin ya tarar da 35,000 a tsaye, ya aika a kira masa mai shayi.